Motar da Ta Amsa Tambaya

Tsaka-Tsaki ake ce masa a ofis, don shi ko matarsa ba ya tambayarta "Kin yi kewata, ko?" Sai dai ya ce, "Yaya kika ji da ba na nan: daɗi, rashin daɗi, ko ba ki da ra'ayi?" Aikinsa ke nan, tsara tambayoyin jin ra'ayin jama'a a wani ɗan ofishin bincike da ke saman kantin taya. Ba shi da gida, ba shi da mota. Abin tinƙahonsa ɗaya ne: bai taɓa sa wa mutum amsa a baki ba.

Ana nan sai shugaban majalisar gari ya so sanin ko jama'a sun yarda da shi. Sakatarensa ya hawo bene yana haki, da tambayarsa a shirye: "Ashe ba ka yarda da shugabanmu mai aiki ba dare ba rana ba?"

"Ranka ya daɗe, wannan ai ba tambaya ba ce, kirari ne," in ji Tsaka-Tsaki. Ya mayar da ita: "Yaya yardarka da shugaban majalisa: sosai, kaɗan, sam, ko ba ka sani ba?"

"To, a tambayi mutanen da ke ƙofar ofishinmu. Kullum cike take."

"Masu jiran alfarma? Haba dai!"

Ya kafe sai an bi unguwanni duka, kowane gida na goma, a cikin gidan ma a yi ƙuri'a tsakanin manya, in ba a sami mutum ba a koma da yamma. Sakatare ya gaji ya sakar masa, har ya ce majalisa za ta taimaka da abin hawa. Tsaka-Tsaki ya yi godiya, bai ko leƙa taga ba.

Sakamako ya fito: kusan kowa ya yarda sosai. Ya sa hannu yana ta mamaki, majalisa ta buga a allon talla da sunansa a ƙasa.

Ranar hutu ya je gaida mahaifiyarsa, wadda ba ta wuni ba ta tsine wa shugaban nan ba saboda famfonta da ya ƙafe. Ashe da masu yi masa tambayoyin suka zo gidan, ƙuri'a a kanta ta faɗa.

"Inna, me kika ce musu?"

"Na ce na yarda sosai mana."

"Ke?"

"Yo da motarsa fa suka zo, ga hotonsa ƙato a jikin ƙofa yana kallona! Duk layin nan haka muka ce. Wa yake son rigima?"

Kunya ta rufe shi. Ya daɗe yana kallon bokitan da ta jera a gindin famfo.

"Inna," ya ce a hankali, "ai dai kin san ba laifina ba ne, ko?"

Ta dube shi da tausayi.

"Na yarda sosai, ɗan nan."