An Yi Musu Bayani, Sun Maimaita

Me ya sa Malam ya bar ni ina rantsuwa ni kaɗai a tsakar gida, alhali ya san gaskiya nake faɗa? Na fita takaba, an cire albasa an sake dasa wata, ban samu amsa ba. Ina faɗa ina kuka, kuma na ce wa ɗiyata da ke rubutawa kada ta tsaya rarrashina, ta rubuta kawai.

Daga Sarandosa aka kawo ni gidansa kusa da Sabiyal tun ina yarinya. Manomin albasa ne, kuma dashe ya cinye masa gwiwoyi, don aikin tsugune ne tun safe har la'asar. Da ya manyanta hawan jini ya shigo. Ni ke ba shi magani. Ban yi karatu ba, amma na san kowace ƙwaya da launinta da lokacinta.

Ƙarshen wata damina ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya, ɗanmu na fari ya kai mu asibiti a Jega. A can na san malamar magani. Ba nas ba ce, ba kuma likita ba. Da safe idan likitoci suka fito zagaye tana tare da su. Su suna duba mutum, ita tana duba abin da ake ba shi.

Ranar farko ta riga su zuwa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, “Inna, wa ke ba Baba magani a gida?”

Na ce ni ce. Ta ce in juye mata jakar gaba ɗaya, har wanda ba na asibiti ba. Na juye a kan gado. Ta riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana tambayar na mene ne, sau nawa yake sha, tun yaushe, ko yana tsallakewa. Ta tambayi ko akwai maganin da ya taɓa sa masa ƙaiƙayi ko kumburin fuska, ko yana shan jiƙo, ko muna sa kanwa a abinci. Da ta zo kan wata jar ƙwaya da ƙanin Malam ke sayo masa a kemis saboda gwiwa, sai ta ware ta gefe.

Malam ya ce, “Wagga ita ce abokiyar aikina. In babu ita babu dashe.”

Ta yi dariya ta ce, “To Baba, bari mu ga ko abokiyar kirki ce.”

Ta ɗauki takardar da nas ke sa hannu duk sa'ad da aka ba shi magani, ta bi ta da yatsa ta ga ko an tsallake wani. Ta duba awon jininsa na safe da na yamma, da yawan fitsarin da aka auna, da nauyinsa. Sannan ta buɗe fayil ta nemo sakamakon gwajin jini, ta daɗe a kansa. Da likitoci suka iso gadonmu ta yi musu magana a natse, babban cikinsu ya duba ya gyaɗa kai, ya karɓi takardar magani ya ja layi a kan wani abu ya rubuta wani.

Bayan sun wuce ta zauna rubutu. Na ce, “Ɗiyata, mi kike rubutawa game da mijina?”

Ta karanta mini da Hausa. Ta fara da rana da lokaci, da cewa mai kula da magani ce ke rubutu. Sai abin da ta gani: ƙodar Malam ta yi rauni, ga sakamakon gwaji, yana shan maganin ciwo na kemis mai taɓa ƙoda, an kuma rubuta masa irinsa ranar da aka kwantar da shi, kafin gwaji ya fito, haɗe da maganin hawan jini da na sa fitsari, haɗarin ya fi girma. Sai shawararta: a dakatar da shi, a ba shi farasitamol, a sake gwajin ƙoda da gishirin jini bayan 'yan kwanaki. A ƙarshe ta rubuta cewa ta yi magana da likita wane kuma ya amince, da ranar da za ta sake dubawa, ta sa hannu.

Na ce, “Ke da kika gano, don mi ba ki canza da kanki ba?”

Ta ce, “Ni shawara nake rubutawa, Inna, likita ke canza magani. Amma ina rubuta wanda na gaya wa da abin da ya ce, don wanda ya zo bayana ya tarar.” Sannan ta ɗaga jar ƙwayar ta ce, “Wannan da danginta, ƙwaya ko allura, kada su sake shiga jikinsa.” Malam ya yi barci a lokacin, ɗanmu kuma ya fita neman abinci. Ni kaɗai na ji, kuma na riƙe.

Kumburi ya sauka, gwaji ya yi kyau, aka sallame mu. Ranar sallama ina can bakin famfo ina wanke kwanoni, na dawo na tarar an ɗaure kaya.

Muka koma gida iri ya isa dashe. Malam ya je fadama ya dawo yana jan ƙafa, farasitamol bai yi masa abin da yake so ba. Wata la'asar sai ga ƙaninsa da mai allura daga Aliero. Tsakanina da ƙanin nan wasa ne tun zuwana gidan, amma ran nan na tsaya a ƙofar ɗaki na ce ba za a yi masa ba, malamar magani ta hana.

Ya ce, “Ikon Allah, matar Yaya ta zama likita ba mu ji labari ba. Ina anka ba ki takardar?”

Na ce na ji da kunnena, kuma an rubuta a fayil.

“Ke kika karanta?”

Mata suka yi dariya ta bayan danga. Na rantse da Allah. Ƙanin Malam ya juya ga ɗana ya ce, “Kai da ka yi boko, an ce haka?” Ɗana ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur, ya ce shi dai ya ji an ce a rage gishiri. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na ja da shi a gaban mutane. Na dubi Malam. Ya ce, “Ƙila wani maganin ne anka ce. Ki bari, kin gaji.”

Na matsa daga ƙofar. Aka yi masa allurar, aka bar masa ƙwayoyi, mai allura kuma ya ci gaba da zuwa. Malam ya miƙe ya yi dashensa, ƙaninsa na wucewa yana cewa, “Likita, ya majinyacinki?” Har na fara zargin kaina. Na ce ƙila tsufa ne, ƙila na ruɗe. Na riƙa jin haushin malamar da ta ɗora wannan kaya a kan tsohuwar da ba wanda zai yarda da ita.

Albasa ba ta yi kai ba fitsarinsa ya ragu. Sai amai, sai shaƙuwa, sai kumburi har fuska. Muka koma Jega, aka ɗauko tsohon fayil. Da safe malamar ta zo, na juye mata jaka tun kafin ta tambaya, har da takardun da aka ɓare jar ƙwayar daga ciki, da na tsince a bayan ɗaki. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, “Kin cuce ni, ɗiyata. Kin gaya mini ni kaɗai. Da kin gaya wa maza da ba mu dawo ba.”

Ta juya ga Malam. Ta ce, “Baba, fayil ɗinka ne. Ka yarda in karanta mata na ranar sallama?”

Ya rufe ido, ya ɗaga hannu kaɗan. Ta karanta: an yi wa majinyaci da ɗansa bayanin magungunan da zai koma gida da su, an gaya musu ya guji maganin ciwo na kemis, ƙwaya da allura, saboda ƙoda, an ce su maimaita, sun maimaita daidai, an ba ɗan takarda mai sunayen, majinyaci ya ce matarsa ta riga ta sani.

Ɗana yana tsaye a ƙafar gado. Bai musa ba. Na tuna dariyar bayan danga, na tuna makullin babur, na zauna a ƙasa.

Da ta fara rubutun wannan ranar na ce ta rubuta cewa ƙanin Malam ne ya kawo mai allura, ɗansa ya yi shiru, ni kuma na hana. Ta ce, “Inna, ba a rubuta laifi a nan. Zan rubuta abin da ya sha da tsawon lokacin da ya sha, da abin da gwaji ya nuna, da magungunan da nake ba da shawarar a tsayar ko a rage yanzu da ƙoda ba ta tacewa.” Haka ta yi. Har maganin hawan jinin da nake ba shi kullum ta ce a ɗan dakatar, likita ya amince. Na san aikinta ke nan. Amma ya yi mini ciwo a ce ko a takarda babu inda aka ce na yi gaskiya.

Likitoci suka ce sai an kai shi babban asibiti an yi wankin ƙoda. Ana cikin shirin mota, ƙaninsa yana waje bai iya shigowa ba, ɗana ya tafi karɓo takardar tafiya. Ina zaune na juya wa Malam baya, a karo na farko a zamanmu. Na ji ya ja gefen mayafina. Na ce, “Malam, ka san gaskiya na faɗa. Don mi ka bari anka yi mini dariya?”

Ban sani ba ko ya ji ni. Bayan wannan bai sake magana ba, a hanya Allah ya karɓi ransa. Ɗana yana zuwa kullum ya durƙusa ya gaishe ni, ina amsawa, amma har yau ban iya duban fuskarsa ba. Abin da Malam ya ce, yana riƙe da mayafin, tun kafin in yi masa tambayar, shi ne:

“Kada ki riƙe yaron nan a rai. Ni na ce mishi ya yi shiru.”