Wayar da Ningrum ta Bari a Rumfar Kaji

Rumfata da ta Yu Warsini katako ɗaya ne ya raba su, a layin masu nama na kasuwarmu a Semarang, ƙasar Indonesiya. Ni kwakwa nake gurzawa, ita kuma kaji take sayarwa. Ta girme ni, shi ya sa nake ce mata Yu, wato yaya. Mun daɗe tare har na san sautin wuƙarta: idan tana cikin farin ciki saran a jere yake fita, idan ranta a ɓace yake sai ka ji kamar da teburin take faɗa.

Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk sun tsattsage saboda ruwan ƙanƙara. Mijinta direban mota ne, ya rasu tun 'yarsu Ningrum tana firamare, bai bar musu komai ba sai ɗakin haya. Da kajin nan ta ciyar da yarinyar har ta gama sakandare ta samu aiki a masana'antar ɗinki a Ungaran. Warsini ba ta iya magana mai daɗi ba, ko yabo za ta yi sai ya fito kamar zagi. Amma kullum cinyar da ta fi tsoka sai ta ware ta a leda, kuma duk layin mun san ta wace ce.

Abu ɗaya take taƙama da shi, idonta. "Abin da na gani da idona, Parmi, ba mai ƙaryata ni," haka take ce mini. Kuma gaskiya ne, ban taɓa ganin an cusa mata kazar jiya ba.

Da aka fara yayin biya ta waya, ma'aikatan banki suka bi kasuwa suna raba sitika mai ɗige-ɗige. Mai saye ya haska ta da wayarsa, ya rubuta kuɗin, ya danna, shi ke nan. Ni na ce a kai kasuwa, takardar rupiya ta ishe ni. Warsini kuwa masu saye suka dame ta, ga wayarta 'yar ƙarama ce mai madannai, ba ta ɗaukar manhaja. Sai aka yi rajistar da sunan Ningrum da wayarta. Kuɗin ya shiga wajen yarinyar, ta ciro ta kawo wa uwarta don a biya dillalin kaji.

Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa a masana'antar nan ana kulle wayoyin ma'aikata a loka har a tashi. Wato duk lokacin da ake ciniki, wayar da za ta faɗi gaskiya tana kulle a wani gari. Abin da ya rage wa Warsini shi ne ta leƙa wayar mai saye, ta ga koren allon da ke nuna an biya, ta ga sunan 'yarta, ta miƙa leda.

A nan Bu Sulastri ta shigo, Bu ɗin nan haka muke kiran mace don girmamawa. Mace ce mai tsafta, ga tabarau, ga ƙamshi, ta ce abincin ofisoshi take dafawa. Ba ta taya farashi. Takan sayi kilo goma a tashi ɗaya, ta tambayi lafiyar ƙafar Warsini, wata rana har da guzurin man zafi. Cinikinta na farko duk ya shiga lafiya lau.

Sai kuɗi ya fara gaza. Warsini ta ce ta yi cinikin kuɗi kaza, Ningrum ta kawo abin da bai kai ba. Da farko Warsini ta ɗauka ita ce ta ruɗe. Da abin ya maimaita, dillali ya fara yi mata maganar kuɗinsa a gaban mutane, sai saran wuƙa ya canza.

"Yarinyar nan ta sayi sabon takalmi," ta ce mini wata safiya, ba ta ko dube ni ba.

"To albashi fa take ɗauka, Yu. Da ƙafa za ta tafi?"

"Har da jan-baki."

"Ke ma da za ki shafa da kasuwa ta huta da wannan fuskar."

Ba ta yi dariya ba. Na gane inda ta dosa.

Ran Lahadi Ningrum ta zo taya ta fige kaji, kamar yadda ta saba. Komai a kunnena aka yi, katako ba ya riƙe magana. Mak take ce wa uwarta, wato Inna.

"Mak, na faɗa miki kuɗin Bu Sulastrin nan ba ya shigowa. Ga shi, duba. Duk wanda ya biya yana nan a jere, da lokaci da adadi. Nata babu."

"Na gani da idona ya tafi."

"Hoto kika gani, Mak. Ana gyara hoto. Ta ɗauki na ranar da ta biya da gaske, ta canza kwanan wata da kuɗin, ta nuna miki."

"Matar da ke zuwa da mota ce za ta zauna gyaran hoto saboda kaji? Ke dai kin goge shi daga wayar."

"Ba ya goguwa! Ko ina so ba zan iya ba."

"Ni za ki koya wa? Nduk, in kuɗi kike so ki tambaye ni. Ban haifi ɓarauniya ba, amma ga shi ina kallon ta."

Nduk ɗin nan da muke kiran 'ya'yanmu mata da shi don ƙauna, ban taɓa jin ya yi ɗaci haka ba. Na kashe injin gurzar kwakwata na leƙa. Yarinyar tana tsaye da gashin kaza a hannu, ba ta yi kuka ba, ni dai da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta wanke hannu ta fita.

Na ce, "Yu, kin yi ɓarna." Ta ce in ji da kwakwata.

Bayan 'yan kwanaki Ningrum ta dawo da jaka a kafaɗa. Ta ajiye wayarta a kan teburin, gefen sikeli, da katin banki. Murya a sanyaye ta yi bayani, kamar mai karanta wa baƙuwa.

"Na cire makulli. Ki taɓa nan, zai buɗe. Idan mutum ya ce ya biya, kada ki kalli wayarsa, taki za ki kalla. Za ta yi ƙara. In ba ta yi ba, ki ja allon ƙasa da yatsa ya sabunta. Ki ga adadin, ki ga lokacin ya yi daidai da yanzu. In ba ya cikin jerin nan, ba a biya ba, ko me aka nuna miki. In ya ce netwok ne, ya jira, ko ya ba da kuɗi a hannu. Kada leda ta bar teburin nan."

"Ke kuma fa?"

"Yanzu ba wanda zai ci miki kuɗi."

Ta sumbaci hannun uwarta yadda aka koya mata tun tana ƙarama, ta gaishe ni, ta tafi. Warsini ta ce fushi ne, yunwa za ta dawo da ita. Ta sa wayar a aljihun gaban rigar aikinta, ta ci gaba da sara.

Ranar farko wayar ta yi ta ƙara. Mai rabin kilo ya biya, ta yi ƙara. Mai ƙafafun kaji ya biya, ta yi ƙara. Warsini tana goge hannu tana dubawa, tana motsa baki tana karanta lambobin.

Sai Bu Sulastri ta zo. Kilo goma, a yanka ƙanana. Aka yanka, aka ƙulla. Ta haska sitika, ta ɗan danne-danne, ta juyo da wayar tana murmushi. Kore shar, ga sunan Ningrum, ga rupiya dubu ɗari uku da hamsin.

Aljihun Warsini shiru.

Ta ciro wayar. Ta ja allon ƙasa, ta sake ja. Na ƙarshe a jerin mai ƙafafun kaji ne.

"Bai shigo ba, Bu."

"Au, yau wayar tana hannunki? Netwok ne, Yu. Zai shigo anjima."

Pak Darmaji, wato Malam Darmaji mai robobi, wanda ya daɗe yana karɓar irin wannan biyan, ya matso. Ya ce cikin ladabi, "Bu, a rufe wannan hoton, a buɗe manhajar bankin a gabanmu, mu ga tarihin biya. In ya fita daga wajenki zai nuna."

Matar ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce ba a taɓa wulaƙanta ta haka ba, ita da take taimakon talakawa da ciniki. Ta ce bari ta ɗauko kuɗi a mota, kuma daga yau an gama. Ta fita tana ƙwas-ƙwas. Muka tsaya da kilo goma na yankakkun kaji a leda har ƙanƙara ta narke. Ba wanda ya san gidanta, ba wanda ya taɓa ganin motar ma, da muka tsaya muka tambayi juna.

Haushi ya kama ni har na rasa wanda zan zaga. Warsini kuwa ta zauna a kan bokiti. Ban taɓa ganin ta zaune a lokacin ciniki ba.

"Parmi," ta ce, "yarinyar nan ba ta ci kuɗin ba."

"Ba ta ci ba, Yu."

Ta laluba ta ciro ƙaramar wayarta, ta danna sunan Ningrum, ta kai kunne. Sai ƙara ta tashi a kan cinyarta. Ta zuba wa babbar wayar da Ningrum ta bari ido tana ruri, ta kasa kashe ko ɗaya. Ni na karɓa na kashe.

Washegari na rufe rumfa na raka ta Ungaran. Mai gadin masana'antar ya ce Ningrum ta ajiye aiki. Wata abokiyar aikinta ta ce ta bi masu ɗaukar ma'aikata zuwa Batam, can tsibirin da sai an hau jirgi, amma ba ta san wace masana'anta ba, kuma sabuwar lambar ba ta ba kowa ba. Muka je wajen 'yan sanda kan Bu Sulastri, suka tambayi cikakken sunanta da hujja. Ba mu da ko ɗaya, hoton ma a wayarta yake. A motar dawowa Warsini ta riƙe ledar soyayyar kazar da ta tafi wa 'yarta da ita.

Yanzu duk layin nan ba wanda ya kai ta iya duba biya. Ba ta kallon wayar kowa, ko limami ne sai ya jira. Dillali ya daina yi mata maganar bashi. Masu rumfuna suna turo mata sababbi ta koya musu, ta kuma koya musu da kalmomin 'yarta, ba ta canza ko ɗaya.

Watanni sun shige. Ningrum ta san lambar ƙaramar wayar a ka, Warsini ta tabbatar mini da haka ya fi a ƙirga, don haka ba ta barin cajinta ya ƙare. Wayoyin biyu suna aljihu ɗaya. Duk lokacin da wani abu ya yi ƙara sai wuƙa ta tsaya, ta goge hannu da sauri, ƙaramar take fara cirowa. Sai ta mayar, ta ciro babbar, ta ce wa mai saye, "Ya shigo," ta miƙa masa ledarsa.