Abin da Za a Kira Goggona

Ina koyar da Turanci a wata sakandare a Sabon Birni lokacin da wata ƙungiyar agaji ta ba ni aikin haɗa ɗan ƙamus na Turanci da Hausa. Ma'aikatansu ne za su riƙa amfani da shi in sun je tattaunawa da mutanen da rashin tsaro ya tasa daga ƙauyukansu. Shugabar aikin, wata Hajiya 'yar Sakkwato, ta kafa mini sharaɗi: kowace kalmar Turanci ta samu fassara guda, kada ta sauya daga shafi zuwa shafi. A farkon ƙamus ɗin kuma in rubuta bayanin mai fassara, in faɗi dalilin zaɓina a kalmomin da suka yi wuya.

Yawancinsu ba su wahalar da ni ba. Kalmar da suke ƙidaya iyali da ita na mayar da ita "masu ci tukunya ɗaya", don in ka ce "gida" a wurinmu, kana iya haɗa magidanta da yawa a ƙofa guda. Wadda ta tsaya mini ita ce wadda ta fi kowace yawan fitowa. Turanci ya raba wanda ya tsallaka iyakar ƙasa da wanda ya bar garinsu amma yana cikin ƙasarsa, kuma dokar da ta shafe su ba ɗaya ba ce. Mu kuwa rediyo ya saba mana da "'yan gudun hijira" ga duka biyun. Sai na ƙara "na cikin gida" ga na biyun, na ɗauka na gama.

Kafin a buga, sai an gwada kalmomin a kunnen mutane. Na hau babur na tafi Isa, inda goggona, ƙanwar mahaifina, take zaune a gidan ɗanta tun da suka baro gonarsu a wajen Turba. Na same ta tana tsince wake. Bayan mun gaisa na karanta mata tambayoyin gwaji, tana amsawa tana dariya, har na zo kan tambayar da ke da "'yan gudun hijira na cikin gida".

Ta ajiye faifan. "Mi kac ce, ɗana?"

Na maimaita.

"Ni ba gudu niy yi ba. Na kulle ɗakina, na ɗauko makulli, na taho wurin ɗana. Hijira kuwa ta manya ce, ban kai can ba. In sun zo da wannan suna, ce musu za ni yi babu irinsu a gidan ga."

Ban yi mata gardama ba. Ita kanta ta san dalilin da ya hana ta komawa. Abin da ya dame ni a hanyar dawowa shi ne, in ta ce babu, ma'aikaci zai rubuta babu ya wuce, ita da irinta su fita daga lissafin masu buƙata.

Na kai wa Hajiya maganar. Ta saurara, sannan ta ce, "Malam, na ji. Amma in kowa ya kira abin yadda ya ga dama, rahotanninmu ba za su haɗu ba. Kuma waccan tsohuwar kalmar kowa ya san ta."

Ita ma tana da gaskiya. Muka daɗe muna ja, daga ƙarshe ta ce in rubuta abin da nake so a cikin bayanin, in ya gamsar da ita ta bari.

Na rubuta cewa "ɗan gudun hijira" na bar shi ga wanda ya tsallaka zuwa Nijar ko wata ƙasa, tun da haka aka saba. Wanda bai bar ƙasa ba kuwa, ko'ina a ƙamus ɗin "wanda rashin tsaro ya raba da gidansa" ne. Na amsa cewa ya yi tsawo, na kuma amsa cewa rediyo ba zai bi ni ba. Na ce na zaɓe shi ne don ya ɗora abin a kan wanda ya yi korar, ya bar mutum da mutuncinsa. Na ƙara da cewa in ma'aikaci ya ji mutane sun kira kansu da tsohon sunan, kada ya gyara musu.

Hajiya ta soke layi biyu da ta ce wa'azi ne, ta bar sauran.

Da aka buga na koma Isa na karanta wa goggo sabuwar fassarar. Ta maimaita ta a hankali.

"Wannan kam haka ne, an raba ni da shi," in ji ta. Sai ta tambaye ni ko na ji labarin an yi ruwa a wajen Turba, don lokacin shukar gero ya yi.