Baƙin Wuyan Yayata

Ni na laƙaba wa yayata suna Mai Wuyan Tukunya, kuma sunan ya bi ta har gidan mijinta a Malali. Bayan haihuwarta ta biyu ta yi teɓa, wuni take zaune a kan keken ɗinki, sai bayan wuyanta da hammatarta suka yi baƙi, fatar ta yi kauri. Kowa ya ce dauɗa ce. Uwar mijinta ta daina cin abincinta, ni kuwa in na je ziyara sabulu nake kai mata tsaraba don a yi dariya. Ina jin daɗin dariyar, ba zan ɓoye ba.

An taɓa gwada jininta a wani kemis, aka ce suganta lafiya lau. Mijin ya ce to, ciwo dai babu, ƙazanta ce. Da ya sake ta, ta dawo gidanmu a Unguwar Dosa, Inna ta riƙa dirje mata wuya da dutsen goge kaushi har ya yi jini.

Shekaru suka wuce kafin ƙishirwa da yawan fitsari su kai mu asibiti. Likitar ta ɗaga mayafinta ta duba.

"Hajiya, tun yaushe wuyan nan yake haka?"

"Tun ina gidan miji."

Sai likitar ta yi mana bayani. Insulin ne ke sa sugan jini ya shiga tsoka da sauran jiki. Kitsen ciki da yawan zama, ga gadon ciwon suga daga Babanmu, suka sa jikin Yaya ya rage jin maganar insulin ɗin. Sai gaɓar da ke yin sa, can bayan tumbi, ta yi ta ƙaro shi. Shi ya sa gwajin kemis bai nuna komai ba, kuma yawan insulin ɗin ne ya baƙanta fatar. Yanzu gaɓar ta gaji, ba ta iya yin wanda zai isa, suga ya taru a jini.

"Da an gane da wuri, tafiya da gyaran abinci da rage teɓa za su iya jinkirta shi," in ji ta.

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Yaya ba ta tambayi magani ba tukuna. Cewa ta yi, "Likita, don Allah rubuta min cewa ba dauɗa ba ce."

Ni ta aika da takardar wurin tsohon mijinta. Na same shi a ƙofar gida, ya karanta har ƙarshe, ya miƙo min.

"Ashe Allah ne ya rufa min asiri," ya ce. "Da yanzu ni ke jinya."

Da na dawo, ta yi kwalliya tana jirana a tsakar gida.

"Ya karanta?"

"Ya karanta, Yaya."

"Me ya ce?"

Na ce mata bai ce komai ba. Ta yi murmushi, ta ce ai kunya ce ta kama shi.