Ƙugiyar da Buraima Wanzami Ya Ƙi Taɓawa

A shekarun da Gwalkos ke shirin zama Gana, in aka ce "Wanzami" a Zangon Kumasi ba a ƙara komai ba, to Buraima ake nufi. Bakabe ne, daga wani ƙauyen masunta a gefen Argungu. Ya biyo ayarin fataken goro yana saurayi, ya ga ruwan sama ba ya yankewa a Kurmi, ya ajiye zabirarsa ya zauna. Shi ke askin suna, shi ke cire beli, shi ke kaciyar yaran unguwa. Mata ba sa miƙa ɗansu ga aska sai sun yarda da hannun da ke riƙe da ita, kuma wannan yardar ita ce duk abin da Buraima ya tara a Kumasi. Ba shi da gida nasa, ba shi da gona.

Amininsa shi ne Bawah, Bakatsine mai sarin kifi. Tare suka shigo garin, ɗaki ɗaya suka kama kafin kowa ya yi aure. Duk Juma'a Bawah kan zo aski, ya zauna a kan buzu yana tsokana.

"Bakabe, a hankali da kan nan. Ba ragon ruwa kake fawa ba."

"Ragon ruwa ya fi ka tsoka, Bakatsine. Sunkuya."

Bawah yana hawan loli, babbar motar kaya, zuwa Kuntanase, ya gangara da ƙafa zuwa tafkin Bosomtwi, ya saro kifi ya kawo wa matan Zango masu suya. Mutanen tafkin Asantawa ne, kuma suna da doka tun ta kakanni: ƙarfe ba ya shiga ruwansu. Ko jirgi ba sa sawa, a kan gungumen itace suke zama suna tuƙi da hannu. Sun yarda 'yan Zango su sayi kifi a bakin gaɓa, kuma kowa ya san in baƙo ɗaya ya karya dokar, duka za a kora.

Wata rana da la'asar Bawah ya shigo rumfar Buraima, hannunsa na hagu a cikin riga. Da ya fito da shi, sai ga ƙugiya a tsokar ɗan'ali, da guntun zare yana reto.

Buraima ya dubi ƙugiyar, ya dubi abokinsa. "A ina?"

"A rafin Oda."

"Bawah."

Bawah ya rage murya. Ashe ya daɗe yana ɗana ƙugiyoyi a wani lungu na tafkin inda ciyawa ta rufe, yana haɗa abin da ya kama da wanda ya saya. "Amana na ba ka, Bakabe. In maganar ta fita, ba ni kaɗai zan sha ba."

Buraima ya jawo zabirarsa. Wannan aikin ya gan shi tun yana yaro a gidan masunta. Ya sa aka tafasa ruwa, ya jefa filayar da wani makanike na Magazin, unguwar masu gyaran mota, ya ba shi a ciki, ya wanke hannunsa da sabulu, ya wanke yatsan, ya yanke zaren. Ya sa Bawah ya lanƙwasa yatsan ya miƙe, ya taɓa kan yatsan ya tambaye shi ko yana ji. Yana ji. Ya lalubo tsinin da ɗan yatsa, ya same shi dab da fata, nesa da gaɓa da ƙashi.

"Ja ta mana ka huta," in ji Bawah.

"Ƙugiya tana da kunne kamar kibiya. Da kunnen bai shige ba, da na zare ta yadda ta shiga. Ya shige. In na ja baya, nama zai tsaga. Gaba za ta yi. Ciji hularka."

Ya danne hannun a kan gwiwarsa, ya kama ƙafar ƙugiyar da filaya, ya tura ta yana bin lanƙwasarta, ba gaggawa ba tsayawa, har fata ta yi tsini ta ɓule, kunnen ya fito fili. Bawah ya ambaci waliyyai uku. Buraima ya rufe kunnen da tsumma don kada ya yi tsalle ya faɗa idon wani, ya datse shi, sannan ya zare sauran ta ƙofar da ta shiga, sumul. Ya bar jinin ya ɗan zuba, ya sake wankewa da sabulu da ruwan da aka tafasa, ya ɗiga aidin, ya ɗaure da tsumma mai tsabta.

"Gobe ka je asibiti su yi maka allurar ciwon nan mai sandarar da muƙamuƙi. Wannan ba ta cikin zabirata. In ka ga kumburi, ko ja yana hawa hannu, ko zazzaɓi, kada ka zo wurina, can za ka. Kuma ka kwashe ƙarfen nan daga ruwan mutane."

Bawah ya rantse. Yatsan ya warke, bai je allurar ba, Allah ya tsare. Ƙugiyoyin kuma suna nan inda suke.

Da damina ta zagayo ya sake dawowa, wannan karon da hannun dama. Buraima ya kwance tsumman, sai ya ja da baya. Babbar ƙugiya ce, ta nutse a gindin babban yatsa, daidai gaɓa. Ta kwana a ciki. Wurin ya kumbura ya yi zafi, yatsan ba ya lanƙwasuwa, tsinin kuma ba ya lalubuwa ko ta ina.

"Wannan ba tawa ba ce," in ji Buraima. "In na tura ta, ban san abin da za ta tsinka a hanya ba. Ga jijiya, ga gaɓa. Ta kusa da ido, ta wuya, ta gaɓa, da wadda ta yi nisa ko ta fara ruɓa, ba na taɓa su, ko ubana ba ya taɓawa. A asibiti za su kashe zafin, su tsaga su gani da idonsu, su ba ka fanisilin. Tashi mu je."

"Mai wankin ciwo na asibitin ɗan bakin tafki ne. Yana ganin hannun mai kifin Bosomtwi da ƙugiya, an gama."

"To, mu nemi wani asibitin."

"Duk Asantawa ne. Kai dai ka cire. Bara ba ka cire ba?"

"Ta bara daban."

Ya naɗe tsumma a kewayen ƙugiyar, ya ɗaure ta yadda ba za ta motsa ba, ya rataye masa hannun a wuya. Bawah ya ce bari ya shiga gida ya sake riga, su haɗu a bakin titi. Buraima ya tsaya a bakin titi har aka kira magariba.

Abin da Bawah ya yi, daga baya aka ji daga bakin Mamunatu matarsa, ba duka ba. Ya kulle kansa a ɗaki, ta ji ƙara, ya fito da hannu jina-jina ya ce mata ɗan-karkare ne ya fashe. Ashe ƙugiyar ya fizge da awartaki. Ya sa aka ce wa Buraima ya yi tafiya. Kafin mako ya fita, jan layi ya hau har gwiwar hannu, zazzaɓi ya kwantar da shi yana sambatu. Mamunatu ta rugo rumfar wanzami, kuma Buraima ne ya goya shi a baya har inda aka sami mota.

Likita ya ceci hannun. Babban yatsan bai ceto ba. Da Bawah ya farfaɗo, ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi wa ya yi wa hannun wannan ɓarna. Buraima yana tsaye a ƙarshen gadon, riƙe da kwanon koko da ya kawo masa. Bawah bai dube shi ba.

"Ɗan-karkare ne," ya ce. "Wanzami ya tsaga mini."

Mamunatu na wurin. Kafin Buraima ya kai gida, maganar ta riga shi.

Sarkin wanzamai ya kira su a zaurensa bayan an sallami Bawah. Dattawa sun zauna, mata sun taru a bayan zana. A cikinsu akwai Adizatu, gwauruwa mai suyar kifi a bakin kasuwa, wadda kifin tafkin nan ne ke ciyar da 'ya'yanta, kuma Buraima ne ya yi wa manyan kaciya.

"Buraima," in ji Sarkin wanzamai, "askarka ta taɓa hannun nan?"

"Ba ta taɓa ba, ranka ya daɗe. Na ce masa ya je asibiti."

"To me ya same shi?"

Kalma ɗaya ce, ƙugiya. Tana kan harshensa. In ya faɗe ta, gobe tana Kuntanase, jibi babu ɗan Zangon da zai sauka gaɓa. Ya dubi Bawah, yana jiran ko tari ya yi. Bawah ya sunkuya yana gyara bandejinsa. Ya san sarai Buraima ba zai faɗa ba. A nan ne Buraima ya gane cewa abokin nasa bai yi maganar asibiti cikin zafin zazzaɓi ba, ya auna ne ya ga wa zai iya ɗaukar kayan ya yi shiru.

"Ku tambaye shi," in ji Buraima.

"Mun tambaye shi."

"To, shi ke nan."

Ba a yanke masa hukunci ba. Ba a buƙata. Da lokacin kaciya ya zo, aka kira wani wanzami Bazabarme daga Moshi Zango. Adizatu da kanta ta wuce ta gaban rumfarsa da autanta, ta gaishe shi da ladabi, ta kai yaron can. Buraima ya amsa gaisuwar, ya tambaye ta kasuwa. Ta ce kifi yana zuwa, alhamdu lillahi.

Ya koma askin kai da gyaran gemu na leburori da direbobin loli, kuma a haka ya tsufa. Masu fatsa a rafukan Oda da Ofin ba su daina zuwa da yatsunsu ba, don su maganar Zango ba ta dame su ba. Wadda ta dace ya tura ya datse, wadda ba ta dace ba ya ɗaure ya raka mai ita har ƙofar asibiti, ba ya yarda a ce masa a haɗu a titi.

Wata Juma'a, bayan komai ya lafa, Bawah ya zo ya zauna a kan buzu, ya cire hula da hannun hagu.

"Bakabe," ya ce, yana ƙoƙarin dariya, "ka san ni da kai ba ta ɓaci."

Buraima ya jiƙa masa kai, ya wasa aska, ya aske shi tas, bai ƙwarzane shi ko ɗis ba. Ya kakkaɓe masa kafaɗa.

"An gama, Malam Bawah," ya ce, sannan ya kira na gaba.