Kwana Ashirin da Ɗaya da Na Goge

Har yanzu idan na bi ta bayan kasuwar Zuru na hango rumfar injin matse gyaɗarmu, sai raina ya ɓaci. Injin yana aiki kuwa, mai na zuba. Abin da ke ci mini rai wani kwali ne da na zana da hannuna, wanda ya sa aka yi shekara guda ana nuna ni da baki.

Ƙungiyarmu ta masu gyaɗa ce, yawanci mata, daga cikin gari har ƙauyukan Ribah da Sakaba. Ni ce sakatariya, don na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare, kowa kuma ya san Malama ba ta wasa da lissafi. Da wannan sunan nake cin tuwo. Shugabanmu tsohon soja ne, muna ce masa Baba Saje. Shekara uku muka yi muna fafutuka kafin injin ya iso daga Kano cikin akwatin katako, sai aka ce in tsara yadda aiki zai tafi har ranar buɗewa.

Ban zauna a ɗaki na ƙirƙiro kwanaki ba. Na bi masu aikin ɗaya bayan ɗaya. Na san halin mutanenmu, idan ka tambayi mutum yaushe zai gama, kunya za ta sa ya ce jibi in Allah ya so. Don haka tambayata ita ce, wancan karon da ka yi irinsa, kwana nawa ya ci? Maginin da zai zuba dandamalin siminti, wani dattijo a Rikoto, da farko cewa ya yi mako guda ya ishe shi. Na ce to, bayan makon nan sai a ɗora inji?

"A'a hwa, Malama," in ji shi. "Zubi daban, ƙwari daban. Sai an yi kwana ashirin da ɗaya ana ba shi ruwa sahe da marece. In kunka ɗaure ƙusoshi shina ɗanye, ba su kamawa."

Na dawo na shimfiɗa kwali a tabarma na ja layi. Haƙa da zubi mako ɗaya. Ƙwarin siminti mako uku. Ɗora inji da daidaita shi mako ɗaya, gwaji mako ɗaya, sannan mako ɗaya mai ya kwanta a tace a ɗura. Kowanne na ja masa kibiya zuwa na gabansa, don babu wanda zai fara sai na bayansa ya ƙare. Sayen gyaɗa da kwalabe da buga takardar manna wa kwalba na sa su a gefe, su ba sa jiran kowa. Na ƙara mako ɗaya na ko-ta-kwana, saboda makanikin da zai ɗora injin daga Kano zai zo, hanya kuma ba ta da alƙawari. Mako takwas cif.

Ranar taro na manna kwalin a bango ina jin kaina. Baba Saje ya dube shi sama sama, ya sa hannu a aljihu ya fito da katin gayyata, bugagge, har da zanen kwalba. Ashe wani babban mutum daga Birnin Kebbi ya ce zai zo ya yanke ƙyalle, ya kuma ba da rana. Mako huɗu.

"Baba, siminti bai san babban mutum ba," na ce.

"Malama, a bariki in an ce Litinin, Litinin ce. Oda oda ce. Ki gyara takardarki."

Na juya wajen magini don ya kama mini. Baba Saje ya riga ni, ya ce masa, "Kai, kwana biyar bai isa ba?" Dattijon nan da ya cika ni da bayani a ƙofar gidansa ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi sa shi isa, ranka shi daɗe." A wurinmu wannan a'a ce, duk wanda ke ɗakin ya ji ta, amma Baba Saje ya karɓe ta a matsayin to. Matan kuma tuni sun koma zancen atamfar anko. Wata ma ta ce mini, haba Malama, kada ki zama ƙarfen ƙafa.

Nan ne na yi abin da ban yafe wa kaina ba. Maimakon in naɗe kwalina in ce a nemi wani ya rubuta, sai na ɗauki abin goge fensir. Ashirin da ɗaya ta koma biyar. Gwaji ya koma kwana biyu. Makon ko-ta-kwana na share shi gaba ɗaya. Lissafi ya faɗa kan mako huɗu daidai, aka tafa mini. Na yi haka ne don kada a ce matar nan ta cika gardama, ba wani dalili ba.

Kwana biyar da zubi aka ɗora inji. Makanikin ya danna ƙusa da sifana, ya tsaya, ya dubi dandamalin, ya dube ni. Na kau da kai. Gwajin da aka yi da rabin buhu ne sau biyu, a hankali, don kawai a sami man da za a jera a tebur. Na ga ɗan siririn tsagu a gindin ƙusa ɗaya, na nuna wa Baba Saje, ya ce a shafe shi da fenti.

Ranar buɗewa an kafa rumfuna, mata sun zo a kan babura tun daga Ribah da buhunansu. Fasto ya yi addu'a, liman ya yi. Babban mutum ya yanke ƙyalle. Aka cika bakin inji da gyaɗa aka ba shi wuta sosai, karo na farko ke nan. Bai yi minti goma ba ya fara rawa. Ƙusoshi biyu suka tumɓuko da siminti a jikinsu, bel ya tsinke ya daki kwanon rufi, mutane suka watse har da masu takalma a hannu. Kafin a kashe shi sandar cikinsa ta lanƙwashe.

Babban mutum ya tambaya wa ya tsara wannan aiki. Baba Saje bai ko yi tari ba. Ya shiga ofis ya ɓamɓaro kwalin daga bango ya ɗaga shi sama a gaban jama'a.

"Ga shi nan, ranka shi daɗe. Malama ta tsara muna. Mu bin takarda munka yi."

Na duba wajen magini, ya ɓace. Matan da suka tafa mini kowacce ta sami abin kallo a ƙasa. Na buɗe baki in ce Baba Saje ƙarya yake yi, sai na rasa ta inda zan fara, don ba ƙarya ya yi ba. Rubutuna ne.

Sai da aka fasa dandamalin aka sake zubi, aka jira mako uku ba wanda ya ce uffan, aka aika Kano neman sanda. Injin ya fara aiki bayan wata huɗu, lokacin an riga an ba wata kujerata.

Kwalin na tsince shi a ƙasa bayan taro, yana cikin akwatina. Idan aka ɗaga shi a rana, ana ganin ashirin da ɗaya a ƙarƙashin biyar ɗin, don na danne fensir sosai lokacin da na fara rubuta ta. Ban taɓa nuna wa kowa ba. Duk wanda na nuna wa, tambayar da zai yi ita ce wa ya goge.