Liti Masaƙi da Neman Wanda Zai Riƙe Dogara

Shekara ashirin da wani abu na yi ina yi wa Liti masaƙi aski a Yammedi, shi da ɗansa Dogara. Liti ba ya zama a yi hira. Tun yana saurayi ƙafarsa na cikin masaƙa, farin ƙyalle yake saƙawa a kai kasuwar Karaye, kuma ko da yadin kanti ya fara kashe musu kasuwa bai sake sana'a ba.

Dogara kuwa zazzaɓi ne ya kama shi yana shekara huɗu. Jiki ya tashi, hankali ya tsaya a nan, ga farfaɗiya a kai. Lokacin da abin nan ya faru ya haura talatin, ƙato ne, gemunsa ya fi nawa cika, amma ba a barinsa shi kaɗai kusa da murhu ko rijiya. Ya iya naɗe wa ubansa zare, kuma ya fi masu hankali da yawa iyawa. Uwarsa Talatu ce ta san komai nasa. A shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Bama, bayan yaƙin duniya na biyu, ta kwanta kwana shida, ta rasu.

Daga nan Liti ya tsufa. Shi ne wanka, shi ne kai Dogara bayan gida, shi ne riƙe shi in ciwon ya tashi. Ga tari ya kama shi. Wata rana ina tsakar yi masa aski ya ce, "Wanzam, in na mutu wa zai riƙe yaron nan?" Na ce Allah na nan. Ya ce ya sani, mutum yake tambaya.

Ya tafi wurin Malam Nasidi, limaminmu, da niyyar ya bar wa Dogara gida da gona gaba ɗaya. Malam ya ce ba a yi wa magaji wasiyyar dukiya. Dogara zai ci rabonsa na gado kamar kowa. Abin da uba yake da iko a kai, tunda ɗan bai taɓa mallakar hankalinsa ba, shi ne ya naɗa wasiyyi, wato wanda zai tsaya a matsayinsa ya kula da Dogara da rabonsa. Sai an yi gaban shaidu biyu, gara ma a yi gaban alƙali don kada a yi musu. Kuma wanda ya karɓa, in uban ya mutu, ba shi da damar cewa ya fasa.

Liti ya nufi ƙanensa Mijinyawa. Mijinyawa ya ce, "Haba Yaya, Allah ya ja kwana. Ai ɗana ne. To, to." Liti ya dawo da murna har ya ba ni goro.

Ni na san irin wannan "to" ɗin, don ni ma ina yin ta. Ita ce wadda ake yi wa babba don kada a kalli idonsa a ce a'a. Ranar da aka sa, muka taka har Karaye, ni da Malam a matsayin shaidu, Liti na tafe yana tsayawa yana tari. Muka zauna a inuwar ƙofar alƙali har azahar. Mijinyawa ya aiko wai ƙafa ke damunsa. Aka sake sa rana, ya ce surukarsa ba lafiya. Ban ce mugu ba ne. Bakuna goma sha ɗaya yake ciyarwa, matarsa kuma tana tsoron farfaɗiya, ta ɗauka ana ɗauka. Abin da ya ba ni haushi shi ne ya bar tsoho ya taka hanyar nan sau biyu. Bayansa Liti ya tambayi mutum uku a dangi, kowa ya ce to, kowa ya ɓace. Har ya daina ba ni labari.

Malam Nasidi ne ya gaji ya ce, "Wai ba kana da 'ya a Gwangwan ba?"

Liti ya sunkuyar da kai. Safara'u 'yar farinsa ce, kuma shi mutumin da ne, kunyar ɗan fari yake yi da gaske. Shekara arba'in bai taɓa kiran sunanta ba, "waccan ta Gwangwan" yake cewa. In ta zo ganin gida, ta durƙusa daga nesa, ya amsa yana kallon zare. Ya ce ai mace ce, a gidan wani take. Malam ya ce shari'a ba ta hana mace zama wasiyyiya ba, in dai mai amana ce kuma za ta iya. Zaman Dogara a gidanta ne yake bukatar yardar mijinta.

Kunya ba ta bar shi ya je ba, ni aka aika. Safara'u ba ta ce mini to ba. Daga bayan ƙofa ta yi ta jero mini tambayoyi: sau nawa ciwon ke tashi a wata, yana yarda wani namiji ya yi masa wanka, wa zai noma rabonsa na gona a kawo hatsin. Sannan ta ce, "Wata tara da rasuwar Inna. Sai da ya gama da kowa ya tuna da ni?" Mijinta Shitu ya ce ya yarda, amma sai ya kewaye rijiyar gidansa tukuna, kuma wanka shi zai riƙa yi masa ba matarsa ba.

Karo na uku muka koma Karaye, wannan karon Liti a kan jaki. Alƙali ya ce, "Wa ka naɗa?"

Liti ya ce, "Allah gafarta Malam, ga ta nan."

"Ba a rubuta 'ga ta nan'. Faɗi sunanta shaidu su ji."

Liti ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "Safara'u." Ba a ji sosai ba, ya maimaita. Ita tana zaune a gefe cikin lulluɓi, na ga kafaɗarta ta motsa. Alƙali ya tambaye ta ko ta san ba a mayar da wannan amana bayan mutuwar uban. Ta ce ta sani, ta karɓa. Muka shaida, aka rubuta, aka yi fatiha.

Da muka fito Liti ya zauna a gindin katanga. Ban taɓa ganin gajiya da sauƙi sun haɗu a fuskar mutum ɗaya haka ba. Dogara na gefensa yana cin gyaɗa. Safara'u ta matso ta durƙusa, kusa fiye da yadda ta saba.

"Baba."

"Na'am."

"Na girmi Dogara da shekara bakwai. 'Ya'yana mata ne duka. In ni ma na riga shi fa?"

Malam Nasidi ya ce wasiyyi ma yana da ikon naɗa wanda zai gaje shi, in lokaci ya yi. Gaskiya ya faɗa, amma ba shi ta tambaya ba. Liti ya ɗago ya dube ta sosai, ya ga furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Ya buɗe baki, tari ya zo.

Da tarin ya lafa ya ce, "Ki fara nema da wuri. Ni na makara."

Liti bai ga kakar shekarar ba. Ni kuma na riƙa zuwa Gwangwan duk sati uku, don Dogara ba ya barin kowa ya sa masa aska sai ni.